Yadda ake rubuta imel na neman afuwa idan ka saɓa lokacin ganawa, tare da neman sabon lokaci

A ce kai injiniya ne a wani ƙaramin kamfani da ke girka sola a Kano. Wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta ba ka lokaci ranar Talata 14 ga Oktoba da ƙarfe 10:00 na safe, ka je ofishinta ka yi mata bayanin ƙiyasin kuɗin sa wa makarantar sola. Ta kira akawunta da mataimakin shugaban makaranta su zauna tare da ita. Kai kuwa Laraba ka rubuta a kalandarka. Sai wajen 12:30 na rana, kana kan rufin wani gida a wata unguwa, ka duba waya ka ga kiranta biyu da ba ka ɗauka ba, da gajeren saƙo: "Injiniya, muna jiranka."

Da wannan misalin za mu bi matakan, domin irinsa ne ya fi wuyar rubutawa: babu rashin lafiya, babu rasuwa, babu wanda za a ɗora wa laifi. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, ka riga ka ci wa mutane uku lokacinsu, don haka imel ɗinka bai kamata ya sake cin wani ba. Ya zama ana karanta shi cikin minti ɗaya, kuma ana iya amsa shi da kalma ɗaya.

Mataki na farko: tabbatar da abin da ya faru kafin ka taɓa rubutu

Buɗe saƙon da aka tsayar da lokacin a cikinsa, ko gayyatar da ta shigo kalandarka, ka karanta rana da lokaci da wuri. Minti biyu ya isa. Amfaninsa shi ne ka san laifin na wane ne. Idan saƙon ya ce Talata 14, to magana ta ƙare, naka ne. Idan kuwa ya ce "Talata 15 ga Oktoba" alhali 15 Laraba ce, an samu ruɗani daga tushe, kuma wasiƙar da za ka rubuta daban ce, za mu zo kanta can gaba.

Ka duba kuma su waye aka sa a saƙon. Sunayen da ke layin `To` da na `Cc` su ne za su nuna maka ko mutum ɗaya ka bari yana jira ko ɗaki guda.

Mataki na biyu: kira tukuna, imel ya biyo baya

Imel shi kaɗai ba ya isa ga wanda ya girme ka ko ya fi ka matsayi, balle wadda ta kira ka sau biyu ba ka ɗauka ba. A wurinmu, wanda ya yi laifi ya aiko da rubutu kawai, ana iya ɗaukar cewa gudun haɗa ido yake yi. Don haka ka sauko daga rufin, ka samu wurin da babu ƙarar inji, ka kira. Maganar ba ta wuce rabin minti ba: "Ranki ya daɗe, Injiniya ne. Na saɓa alkawarin ƙarfe goma, laifina ne, Allah ya huci zuciyarki. Yanzu zan turo imel da wasu lokuta, ki zaɓi wanda ya yi miki." Kada ka nemi ta tsayar da sabon lokaci a kan waya. Ranta a ɓace yake, kalandarta ba ta gabanta, kuma sai ta tambayi akawu.

Idan ba ta ɗauka ba, kira ɗaya ya wadatar. Bar gajeren saƙon waya mai wannan ma'anar, ka koma kan imel. Kira biyar a jere wani damun ne kan damu.

To me ya sa sai an yi imel bayan an yi waya? Saboda shi ne zai isa ga sauran biyun da suka zauna jira, shi ne zai ɗauki ranaku da lokuta a rubuce yadda ba za a sake ruɗewa ba, kuma shi za ka maƙala wa takardar da ya kamata ka gabatar.

Game da lokacin turawa: a ranar, kuma cikin awa ɗaya ko biyu da ganewarka. Duk awar da ta ƙaru, fassarar da ake yi wa shirunka tana ƙara muni. Da ƙarfe 1:00 ana cewa wani abu ya riƙe shi, da yamma ana cewa ya manta da mu, washegari kuma ana neman lambar wani kamfanin. In dare ya riga ya yi kafin ka gane, rubuta saƙon a lokacin, amma ka yi amfani da `Schedule send` na Gmail ya tafi da 7:30 na safe, don kada wayar mutum ta yi ƙara yana barci.

Mataki na uku: a ina za ka rubuta, kuma wa zai gani

Kada ka buɗe sabon saƙo. Koma kan wanda aka tsayar da ganawar a cikinsa ka amsa daga nan, domin duk tarihin maganar ya kasance a ƙasa, mai karatu ya san wace ganawa ake nufi ba tare da bincike ba.

Zaɓi tsakanin `Reply` da `Reply all` yana buƙatar ɗan tunani. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk wanda ya zauna jira ya cancanci ganin neman afuwar. Tunda akawu da mataimakin shugaban makaranta suna cikin saƙon kuma sun jira, `Reply all` ne daidai. Amma in saƙon farko ya je wa mutum goma sha biyar na sashe guda, alhali biyu ne kawai za su zauna da kai, cire sauran. Kada kuma ka saka maigidanka a `Bcc` a ɓoye don ya ga ka ba da haƙuri. Idan ya danna `Reply all` daga can, kowa zai gane an saka shi a asirce. Gaya masa daban, da bakinka, kafin ya ji daga waje.

Idan dole sai sabon saƙo, misali an tsayar da lokacin ne ta waya, to taken saƙon, wato layin `Subject`, ya faɗi abu biyu: afuwa da sabon lokaci. Kamar haka: "Neman afuwa kan ganawar yau Talata, da sabon lokaci". Take irin "Gaisuwa" ko "Da gaggawa" ba ya gaya wa kowa komai, kuma mai aiki da yawa yakan bar irinsa sai an jima.

Wani abu kuma: da harshen da kuka saba rubuta wa juna za ka rubuta. In da Turanci ake mu'amalar, ko da Faransanci kamar yadda ake yi a ofisoshin Maradi da Zinder, ƙashin bayan wasiƙar ɗaya ne, kalmomin ne kawai za su sauya.

Mataki na huɗu: gaisuwa da amsa laifi

Nan ne ɗabi'armu mai kyau take iya jawo matsala. Mun saba ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi aiki da iyali da gajiya. A baki wannan ladabi ne. A imel ɗin wanda ya bar mutane suna jira kuwa, layi huɗu na gaisuwa kafin a zo kan batu yana kama da jan ƙafa. Sallama da layi ɗaya sun isa, kuma jimlar da ke bin su ta zama ta neman afuwa.

Jimlar ta ƙunshi abu uku: wace ganawa ce, cewa kai ne ba ka zo ba, da cewa ka san an jira ka. Dubi bambancin waɗannan biyun.

"A yi haƙuri da abin da ya faru yau, an samu ɗan akasi."

"Ina neman afuwa kan rashin zuwana ganawar da muka tsayar yau Talata da ƙarfe 10:00 a ofishinki. Na san ke da akawu da mataimakin shugaban makaranta kun ajiye ayyukanku kun jira ni."

Ta farko babu mai laifi a cikinta. Abin ya "faru" ne, akasi kuma "an samu" shi, kamar daga sama ya faɗo. Ga kuma "ɗan", wanda yake ƙanƙanta abin da ba kai ke da ikon ƙanƙantawa ba. Wanda ya jira ne zai ce ba komai, ba wanda aka jira ba. Haka nan ka guji "idan na ɓata miki rai". Babu wani "idan" a nan, ta zauna awa guda da ma'aikata biyu.

Sau ɗaya ake neman afuwa a sama, in ka so ka sake sau ɗaya a rufewa. Wanda ya cika wasiƙa da "don Allah don Annabi a yafe mini", "na ji kunya matuƙa", "ban san yadda zan kalle ki ba", ya juya maganar ta koma kan halin da shi yake ciki, har sai wadda aka yi wa laifin ta koma lallashinsa. Wannan ma ƙarin aiki ne ka ɗora mata.

Mataki na biyar: dalili, a jimla ɗaya, kuma na gaskiya

Mutane sun fi ɓata lokaci a nan, kuma nan ne wasiƙa ta fi lalacewa. Injiniyanmu yana da zaɓi. Zai iya cewa mota ce ta lalace a hanyar Zariya, ko cunkoso ya riƙe shi, ko wayarsa ce ta mutu. Dukansu suna da sauƙin faɗa, kuma dukansu suna haifar da tambaya ɗaya da ba ta da amsa: to me ya hana ka kira? Wanda mota ta lalace masa yana da waya a aljihu. Wanda cunkoso ya riƙe yakan iso a makare, ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Hajiya ta shekara tana sauraron uzurin malamai da iyayen yara, ta san ƙirƙirarren uzuri tun daga jimlar farko.

Gaskiyar ta fi gajarta kuma ta fi tsira: "Kuskuren daga gare ni ne, Laraba na rubuta a kalandata maimakon Talata." Shi ke nan. Ba sai ka bayyana yadda aka yi hannunka ya zame ba, ko yawan aikin da ke kanka a makon. Ambaton yawan aiki ma yana da wani lahani: kana gaya mata ke nan cewa akwai masu aikin da suka fi ta muhimmanci a wurinka.

Idan dalilin na gaske ne kuma mai nauyi, kamar kai mara lafiya asibiti ko rasuwa, faɗe shi a taƙaice ba tare da bayanin ciwo ba: "An kwantar da mahaifiyata a asibiti da safiyar nan, ni na kai ta." Amma ko a nan akwai abin da ya rage naka, wato rashin sanarwa. Sai ka ƙara: "Ya kamata in sanar da ke tun da safe, ban yi ba." Idan kuma al'amarin na sirri ne, "wata lalura ta gida ta taso" ta wadatar, mutumin kirki ba zai tono ba.

Kada ka jingina laifin ga sakatare ko yaron ofis ko abokin aiki, ko da kuwa da hannunsu a ciki. Da kai aka yi alkawari. Abin da ya faru a cikin kamfaninku ku gyara shi a cikin gida.

Mataki na shida: sabon lokaci

Wannan shi ne ainihin aikin wasiƙar, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawanci sai a rufe da "duk lokacin da ya yi miki, ni a shirye nake." A ido ladabi ne. A aikace kuwa ka miƙa mata aikin duba kalanda, da tuntuɓar mutum biyu, da rubuto maka, sannan wataƙila ka ce ai ranar kana Kaduna. Irin wannan saƙon ne ake cewa "zan duba", a bar shi har ya nutse.

Abin da ya fi shi ne ka kawo lokuta uku takamaimai. Ɗaya kaɗai ya yi kama da umarni, biyar kuma sun yi yawa ga mai zaɓe. Ga yadda ake tsamo ukun.

Na farko ya zama kusa, gobe ko jibi, don a ga da gaske kake. Kada ya zama yau da yamma, sai dai in ita ta nema. Ta riga ta ba ka safiyarta, kada ka nemi yammacinta ma.

Su bambanta da juna a rana da kuma sa'a. Uku duka da ƙarfe 10:00 na safe kusan zaɓi ɗaya ne, domin in tana da wani zama na kullum a wannan lokacin, duka sun faɗi. Haɗa safe da rana.

Yi la'akari da yadda ranarta take tafiya. Mai makaranta ba ta da sukuni da sassafe lokacin da yara ke shigowa, haka ma lokacin tashi da iyaye ke cika harabar. Ranar Juma'a daga tsakar rana zuwa bayan masallaci ba lokacin ganawa ba ne. Kada ka sa lokacin da zai ci karo da azahar ko la'asar, in kuma da azumi ne, safe ya fi yamma nesa ba kusa ba.

Rubuta kowane lokaci cikakke: sunan rana, kwanan wata, sunan wata da haruffa, sa'a, da safe ko rana. Wanda ya rikita Talata da Laraba ba shi da damar rubuta "jibi" ko "16/10". Kafin ka tura, buɗe kalanda ka tabbatar kowace rana ta dace da kwanan watanta. Babu abin kunyar da ya kai a nemi afuwar kuskuren rana da wasiƙar da ke ɗauke da wani kuskuren ranar.

Faɗi tsawon zaman, kuma in zai yiwu ka rage shi. In awa ɗaya aka tsara da farko, ka ce minti 30 sun isa tunda ka turo takardar tun yanzu. Wurin kuma ya zama nata, kai za ka je.

Bayan ukun sai ka buɗe ƙofa: in babu wanda ya dace, ta faɗi nata, kai za ka gyara naka. A nan ne "duk lokacin da ya yi miki" take da amfani, a matsayin ƙari bayan ka yi naka aikin.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, wanda ba a gani a wasiƙar: toshe lokutan uku duka a kalandarka tun kafin ka danna `Send`, kada ka ba wa kowa su har sai ta amsa. Wanda ya ba da Alhamis, aka zaɓi Alhamis, sannan ya dawo ya ce ta cika, ya saɓa alkawari sau biyu ke nan.

Game da mahaɗin nan na manhajojin tsara lokaci da ake tura wa mutum ya shiga ya zaɓa da kansa: tsakanin abokan aiki ba laifi. Ga babba da ka yi wa laifi kuwa, ni ban ga dacewarsa ba. Kamar ka ce ta zo ta bi layi a ƙofarka ne.

Mataki na bakwai: rage asarar da ka jawo

Tambayi kanka me ganawar za ta samar da a ce ka je. A misalinmu, Hajiya tana son ganin ƙiyasi: yawan faifan sola, batura, inbata, kuɗin aiki. To maƙala takardar a imel ɗin, a tsarin PDF don ta buɗe a waya ba tare da ta wargaje ba, kuma ka ambace ta a jikin saƙon. Da haka akawu zai fara dubawa tun yau, ranar ba ta tafi a banza gaba ɗaya ba. Idan ka san akwai wa'adin da ke gabansu, misali kwamitin makaranta zai zauna kan maganar ranar Asabar, ka nuna ka sani, kuma duk lokutan da ka bayar su faɗo kafin ranar.

Sai jimla ɗaya kan abin da ka gyara. "Ba zai sake faruwa ba" kowa yana faɗa. Abin da ake iya gani ya fi: za ka turo gayyatar kalanda da zarar ta zaɓa, kuma za ka tabbatar da zuwanka kwana ɗaya kafin ranar. Kada ka yi tayin rage farashi don wanke laifi. Yana sa a yi zargin da ma farashin a kumbure yake.

Wasiƙar gaba ɗaya

> Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.
>
> Ina neman afuwa kan rashin zuwana ganawar da muka tsayar yau Talata 14 ga Oktoba da ƙarfe 10:00 na safe a ofishinki. Na san ke da akawu da mataimakin shugaban makaranta kun ajiye ayyukanku kun jira ni. Kuskuren daga gare ni ne: Laraba na rubuta a kalandata maimakon Talata.
>
> Idan za ki sake ba ni dama, zan iya zuwa ofishinki a ɗaya daga cikin waɗannan lokutan:
>
> 1. Laraba 15 ga Oktoba, 11:00 na safe
> 2. Alhamis 16 ga Oktoba, 12:00 na rana
> 3. Litinin 20 ga Oktoba, 10:00 na safe
>
> Lambar wanda ya yi miki kawai za ki turo. In babu wanda ya dace, ki faɗi naki, zan gyara nawa.
>
> Na maƙala ƙiyasin aikin a wannan saƙo don akawu ya samu dubawa kafin in zo, saboda haka minti 30 za su ishe mu. Da zarar kin zaɓa zan turo gayyatar kalanda, kuma zan kira kwana ɗaya kafin ranar in tabbatar.
>
> Allah ya huci zuciyarki. Na gode.

Sai sunanka, sunan kamfani, da lambar wayarka a ƙasa. Lura da lambobin 1, 2, 3: saboda su ne za ta iya amsawa da "2" tana tsaye a bakin aji. Lura kuma da "idan za ki sake ba ni dama". Ba ka ɗauka cewa sake zaman haƙƙinka ne ba.

Kafin ka tura, karanta sau ɗaya da ƙarfi. Duba sunanta da laƙabinta, duba ranakun, duba ko takardar ta maƙalu da gaske. Gmail yana ba da 'yan daƙiƙu na janye saƙo da `Undo` bayan an tura, kuma a `Settings` ana iya ƙara su har zuwa 30. Ga mai rubutu cikin ruɗewa, wannan saitin yana da rana.

Idan lamarin ya sha bamban da wannan

Ganawar intanet da mutumin wata ƙasa ita ce ta fi yawan jawo saɓani, kuma yawanci agogo ne sanadi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da Kenya suna gabanmu da awa biyu. Birtaniya ce mai rikitarwa: daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu daidai yake da namu, sauran watannin kuma suna bayanmu da awa ɗaya. Wanda ya saba shiga taron London da ƙarfe 10:00 duk damina, sai ya shiga a Nuwamba ya tarar ba kowa. Wanda kuma ya saba da lissafin hunturu, a Afrilu sai ya iso an tashi. A irin wannan wasiƙar, rubuta kowane lokaci da agogo biyu, nasu a gaba: "9:00 na safe agogon Accra, 10:00 agogon Kano". In kai ne mai kiran taron, saka sabon mahaɗin Zoom ko Google Meet a cikin gayyatar. In su ne suka gayyace ka, Google Calendar yana da `Propose a new time`, Outlook ma yana da irinsa, amma kada ka danna shi shi kaɗai ba tare da wasiƙa ba. Sanarwa ce busasshiya take isa gare su, babu ko a yi haƙuri.

Idan netiwok ne ko wuta ta hana ka shiga, faɗi haka a jimla ɗaya, sannan ka faɗi tanadin da ka yi: layin wani kamfanin waya na biyu, ko wurin da za ka je ka zauna, ko lambar da za a kira ka kai tsaye in abin ya sake yankewa.

Idan intabiyun neman aiki ne ka rasa, ka sauke murya sosai. Ba kai ke ba da lokuta uku ba, domin kwamiti ne ya zauna, kuma ba lallai ya sake zama saboda kai ba. Ka nemi afuwa, ka faɗi dalili, ka ce har yanzu kana son aikin, ka tambaya ko akwai damar sake sa maka rana, ka nuna duk ranar da suka sa za ka zo. Ka kuma ce ka fahimta idan hakan ba zai yiwu ba.

Idan ruɗanin daga wurinsu ne, kamar "Talata 15" ɗin nan, kada ka ɗauki laifin da ba naka ba, kada kuma ka kafa hujja kamar a kotu. "Na ga saƙon ya ce Talata 15 ga Oktoba, ni kuma na bi kwanan watan na ɗauka Laraba ce. Da na tambaya tun farko da ba a yi haka ba." Daga nan sai lokuta uku kamar yadda aka saba.

Idan kuwa karo na biyu ke nan da kake saɓa wa mutum ɗaya, imel ba zai ɗauki nauyin ba. Ka taka da ƙafarka, ko maigidanka ya kira, kuma ka ambaci cewa karo na biyu ne kafin su ambata.

Bayan ka tura

In ta amsa da "2", ka mayar da amsa nan take, ka maimaita lokacin cikakke: "Na gode Hajiya. Alhamis 16 ga Oktoba, 12:00 na rana, a ofishinki, in sha Allah." Tura gayyatar kalanda ga duka ukun, saki sauran lokutan biyu da ka toshe, sannan ka sa wa kanka tunatarwa biyu, ɗaya kwana guda kafin ranar, ɗaya awa biyu kafin lokacin. Ranar Laraba ka yi kiran da ka ce za ka yi, domin shi ne alkawari na farko da za a auna ka da shi bayan wanda ka saɓa. Ranar Alhamis ka isa da minti 15 a hannu. Da an zauna, jimla ɗaya ta ban haƙuri ga akawu da mataimakin shugaban, tunda su ba ka kira su ba, sai ka buɗe takarda a shiga aiki.

In shiru ya biyo baya, ka ba shi kwana biyu na aiki. Lokutanka biyu na farko za su wuce, ba komai, da ma saboda haka aka ba da uku. Ranar Alhamis da rana sai ka amsa a kan saƙon nan dai, a taƙaice, ba tare da sabon dogon ban haƙuri ba: Litinin 20 tana nan, ga kuma Talata 21 da 11:00 na safe da Laraba 22 da 12:00 na rana. Idan akwai sakatare ko akawun da kuke magana da shi, tambaye shi ko Hajiya ta ga saƙon, sau da yawa shi ne mai riƙe da kalandar. Idan wannan ma ya wuce babu amsa, ka bari sai bayan mako guda ka yi tuntuɓa ta ƙarshe, ka ce ƙiyasin yana nan kuma kana nan duk ranar da suka shirya. Daga nan kada ka ƙara turawa sai sun neme ka.